Yadda Aka Turo Mini Na Tura

'Ya'yana, da yawanku kuna ƙanana a lokacin, don haka bari in ba ku labarin daren gishiri. A watan Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola, tsoro ya cika ƙasa. Daren wayewar Juma'a, 8 ga Agusta, tun kafin kiran assalatu wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, muryarta na rawa: "Yaya, ku tashi ku dafa ruwa ku zuba gishiri, ku yi wanka ku sha, kafin gari ya waye." Na ce wa ya faɗa? Ta ce an turo mata ne. Ban ƙara tambaya ba. Na ajiye waya, na kira mutum uku na gaya musu.

Gishiri ba ya maganin Ebola, kuma cutar ba ta ma iso Arewa ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya. Amma gishiri mai yawa haɗari ne ga mai hawan jini, kuma jaridu sun ruwaito cewa aƙalla mutum biyu sun rasu, wasu da dama sun kwana a asibiti. Abin da ke damuna har yau shi ne, duk wanda ya kira wani a daren nan ƙauna ce ta sa shi kira. Babu mugu a cikinmu, ɗan aike kawai kowa ya zama, bai buɗe saƙon ya duba ba.

Wannan ke nan a kan gishiri. To, ina ga in saƙon mutuncin mutum ne? Na ga yadda hoton hirar wata yarinya ya faɗo zauren WhatsApp na dangi, saura 'yan makonni a ɗaura mata aure. An yanke sama, an yanke ƙasa, an bar layi uku masu kama da abin kunya. Wannan ya sa alamar dariya, wancan ya rubuta "Allah ya shirya", wata ta tura wa ƙawarta wai don ta taya su addu'a. Kafin la'asar ya kai ga dangin ango. Da aka ga cikakkiyar hirar daga baya, ashe da ɗan yayarta take raha. Amma magana zarar bunu ce, an riga an mayar da kayan lefe.

Na san abin da za ku ce, domin na sha ji: "Ai gaskiya ce, Baba," ko "Ni yadda aka turo mini na tura." Malamanmu sun bambance mana tun muna zaure. In abin da ka faɗa a bayan idon mutum gaskiya ne, amma ba zai so a faɗa ba, sunansa giba. In ƙarya ne, ya zama ƙage, wanda ya fi muni. In kuwa ka ɗauki maganar wannan ka kai wa wancan don a ɓata, kai ne annamimi. Ɗaukar hoton hirar da aka yi da kai cikin amana ka watsa, a nan ya faɗa. Gulmar bakin rijiya a da tana da iyaka, mata biyar ne suka ji, gobe an manta. Ta waya kuwa a ajiye take, bayan shekara goma wani zai tono ta.

Jita-jita tana da kamanni, in kun lura. Ba ta da sunan mai magana, sai "wani likita" ko "majiya mai tushe". Ba ta faɗin rana ko unguwa. Sannan tana da gaggawa, kullum cewa take a tura maza kafin a goge. In kun ga "Forwarded many times" a saman saƙo, WhatsApp ne da kansa ke shaida muku cewa ya bi hannu aƙalla biyar, kuma wanda ya ba ku bai san mafarinsa ba. Ku yi wa mai turowa tambayar da na yi wa ƙanwata na kasa tsayawa a kanta: wa ya faɗa?

In kuma hannu ya riga hankali, "Delete for everyone" ba ya goge abin da wani ya riga ya adana. Ku koma zauren da kuka saka shi, ku rubuta a fili cewa ba ku tabbatar ba kuma kun janye, sannan ku nemi wanda aka ɓata ku roƙi gafararsa. Ni mutum ukun nan da na kira, sai bayan sallar Juma'a na iya sake kiransu, ɗaya ya riga ya ba mahaifiyarsa ta sha kofi guda.