Acha hatsi ce, kuma ba ta da gulutin, amma a kula da injin niƙa

A aikina na mai ba marasa lafiya shawara kan abinci, tambayoyi biyu ake yawan yi mini game da acha. Wasu su ce, wannan abu mai ƙanƙanta kamar yashi, wai shi ma hatsi ne? Wasu kuma, musamman waɗanda likita ya hana cin alkama, su ce shin da gaske ba ta da gulutin, ko dai tallar 'yan kasuwa ce? Amsar duka biyun e ce. Sai dai ta biyun tana da sharaɗi, kuma a wannan sharaɗin nake ganin mutane suna cutuwa.

Hatsi na ainihi, a wurin masana tsirrai, shi ne ƙwayar da aka samu daga dangin ciyawa. Gero, dawa, masara, shinkafa da alkama duk ciyayi ne da ɗan Adam ya mayar da su amfanin gona. Acha ma cikinsu take. Wanda ya taɓa ganin gonarta a Filato, ko kudancin Kaduna, ko yankin Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ya san da ƙyar ake bambanta ta da ciyawar daji, domin 'yar'uwar harkiya ce, wannan da ake yanko wa dabbobi. Iri biyu ne a wajenmu: farar acha da kuma ibiro, wanda ƙwayarsa ta fi duhu. A ƙasashen waje foniyo ake ce mata, kuma Gini ce ta fi kowace ƙasa nomanta. Ƙanƙantarta ce take ruɗa mutane, don giram ɗaya kan ɗauki ƙwaya wajen 2,000. Akwai ƙwayoyin da ake ci kamar hatsi alhali ba daga ciyawa suka fito ba, irin su kinuwa ta Kudancin Amurka da ƙwayar alayyafo. Su ne ba hatsin gaskiya ba. Acha ba ta cikin wannan sahu.

Gulutin kuwa wani nau'in furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu na kusa. Shi ne yake sa ƙullin fulawa ya yi danƙo, ya riƙe iska, har burodi da funkaso su tashi. Acha ta fi kusa da gero da dawa, kuma wannan reshe na ciyayi ba ya yin gulutin. Kowa zai iya gani da idonsa a gida. A kwaɓa fulawa da tauri, a bar ta ta ɗan huta, sannan a riƙa murza ta cikin kwanon ruwa. Sitacin zai fita ya mayar da ruwan fari, a hannu kuma a bar wani abu mai danƙo kamar cingam. Shi ne gulutin. A yi haka da garin acha, sai ya narke baki ɗaya, ba abin da zai saura a tafin hannu. Dalilin ke nan da garin acha zalla ba ya yin burodi mai tashi. Idan aka sayar maka da burodin acha mai laushi da tsayi kamar na kanti, ka tambayi abin da aka haɗa, domin sau da yawa fulawa ce.

Wanda wannan magana ta fi shafa shi ne mai cutar siliyak. Idan ya ci gulutin, garkuwar jikinsa ce take afka wa bangon ƙaramin hanjinsa, har ya kasa tsotse amfanin abinci. Sai a ga gudawa mai daɗewa, kumburin ciki, ƙarancin jini, yaro kuma ya ƙi girma. Maganinta ɗaya ne, barin gulutin har abada.

Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai da aka turo mini bayan gwaji ya tabbatar tana da cutar. Na zauna da mahaifiyarta muka jera abin da za a bari: burodi, taliya, semo, kuskus, alkaki, funkaso, biskit. Muka tsara mata tuwon acha, gwate da kunu, tare da shinkafa, wake da dankali. Watanni biyu na farko sai hamdala, gudawa ta tsaya, yarinya ta fara kumari. A wata na huɗu suka dawo, ciki ya sake kumbura. Uwar tana hawaye ta ce, "Wallahi Malama, ko ɓawon burodi ba ta taɓa ba."

Na yarda da ita. Sai na ce, "Maman yarinya, faɗa mini tafiyar achar nan tun daga kasuwa har tukunya." Ashe da farko tsabar take dafawa, bayan ta wanke ta rairaye yashin. Daga baya, don sauƙin yin kunu da tuwo, sai ta fara aika ta injin unguwa a mayar da ita gari. Injin da maƙwabta suke niƙa alkamar tuwo da ta funkaso. Mai injin ba ya wanke shi tsakanin niƙa da niƙa, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi.

Uwar ta ce ai abin da zai maƙale a inji bai taka kara ya karya ba. Sai na yi mata lissafi a takarda. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita ita ce, ba a kiran abinci marar gulutin sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Cokalin shayi ɗaya na garin alkama kusan giram 3 ne, kuma wajen kashi goma cikin ɗari nasa gulutin ne, wato kimanin miligiram 300. Idan wannan cokali ɗaya ya gauraya da kilo 5 na garin acha, kowane kilo ya samu miligiram 60. Ya ninka ƙa'ida sau uku. Ido ba zai gani ba, harshe ba zai ji ba, wancan gwajin na kwanon ruwa ma ba zai nuna ba. Hanjin yarinyar ne kaɗai ya sani.

Gyaran bai yi tsada ba. Suka koma sayen tsaba, suna wankewa, su shanya, su daka a turmin da aka ware wa yarinyar ita kaɗai. Aka saya mata nata rariya da muciya. Na kuma ja kunnen uwar kan mudun kasuwa da ake auna fulawa da shi a auna acha, da buhun fulawa da ake sake zuba hatsi a ciki, da ɗanwake da masar sayarwa, waɗanda masu yi kan ƙara musu fulawa. Cikin makonni alamun suka lafa.

Abin da ke damuna kwanan nan shi ne yadda ake haɗa rashin gulutin da ciwon suga, kamar abu ɗaya ne. Masu ciwon suga sukan zo mini suna cewa sun koma acha, don haka suna ci har su ƙoshi. Acha sitaci ce kamar sauran hatsi, kuma malmala uku za su ɗaga suga. Awo ake yi mata, a haɗa da ganye da wake. Wanda kuma ba shi da siliyak ko wata matsala da alkama, rashin gulutin ɗin acha bai ƙara masa komai ba, ya ci ta don daɗinta da amfaninta.

Ga wanda yake zargin alkama tana ba shi matsala, roƙona kada ya daina cinta kafin ya je asibiti. Gwajin jinin siliyak yana neman martanin da jiki ke mayar wa gulutin ne, kuma idan an daɗe da bari, sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan. A fara yin gwajin tukuna. Idan ya tabbata, a sayi acha tsaba, kuma kada a kai ta injin da ake niƙa alkama.