Darasi: Ina Mai Kawo Saƙo Ya Kai?

Idan ka sayi abinci ta manhaja, kana iya ganin wani ɗigo yana tafiya a kan taswira. Ɗigon nan shi ne mai babur ɗin da ya ɗauko maka saƙo. Wayarsa tana sauraren taurarin ɗan'adam na GPS, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Wannan saurare kyauta ne, ba ya cin data. Turo wurin zuwa wayarka shi ne yake buƙatar data.

Mai sana'ar da yake son a sa masa wannan a manhajarsa, tambaya ɗaya zai fara yi wa mai haɗa ta: sau nawa wayar za ta riƙa turo wurin?

A ce mai babur yana aikin awa 10. Idan wayarsa tana turowa duk bayan daƙiƙa 5, sau 720 ke nan a awa, sau 7,200 a yini. Idan aka mayar da shi daƙiƙa 30, sai ya koma 1,200. Kowane turi yana tashin waya, ya ci batir. Ga hasken fuskar waya a kunne, ga zafin rana, kafin la'asar sai ka ji ta mutu. Amma jinkirin ma yana da aibinsa. Babur mai gudun kilomita 30 a awa yakan ci mita 250 a cikin daƙiƙa 30, don haka ɗigon zai riƙa tsalle, mai jira ya kasa gane lungun da aka shiga. Abin da ya fi shi ne a yi jinkiri a doguwar hanya, a yawaita turi idan an kusa gida, a kashe gaba ɗaya da zarar an miƙa kaya.

Ita ma taswirar haya ce. Google Maps tana ba da wani adadi kyauta kowane wata, in an wuce sai a biya gwargwadon yawan buɗe taswira da neman hanya. Bayanan OpenStreetMap kyauta ne, sai dai a wasu unguwanni ba kowane lungu aka zana ba.

Idan ɗigo ya tsaya cak, kada a yi saurin zargin mai babur. Sau da yawa tsarin tattalin batir ne ya rufe manhajar bayan mai babur ya sa waya a aljihu, ko sabis ya ɗauke. Shi ya sa ya kamata a riƙa nuna lokacin da aka yi turin ƙarshe.

Mai babur ɗaya ko biyu kake da su? Ba sai ka haɗa manhaja ba. A WhatsApp za su iya turo wurin da suke kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Fara gwada wannan tukuna.