Sadaki da Shaidu a Ɗaurin Aure

Ya ku manyan ɗalibai, ku sani cewa a mazhabar Malikiyya aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi, da sadaki, da siga, wato nema da bayarwa.

Sadaki haƙƙin amarya ne, ba na iyayenta ba. Mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, ko dirhami 3. Idan an yanka mata naira 100,000, sa'an nan mijin ya sake ta kafin tarewa, naira 50,000 ne rabonta.

Shaidu kuwa maza 2 ne, Musulmi adilai. An fi so su halarci ɗaurin auren. In ba su halarta ba, wajibi ne a shaida musu kafin tarewa. Idan aka tare babu shaidu, alƙali zai raba auren.