Shawarwari: Koya wa Excel Fitar da Darajar Maki da LAMBDA

A gida mai 'yan makaranta da yawa, ko gidan malamin da ke haɗa sakamakon ɗalibai da dare, abin da aka saba shi ne a rubuta doguwar dabarar IF a kwafa ta shafi bayan shafi. Ranar da makaranta ta sauya ma'aunin maki, sai an bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a gama ba a tsallake wani ba. LAMBDA tana ba ka damar rubuta ƙa'idar sau ɗaya, ka raɗa mata suna, ka riƙa kiranta kamar yadda kake kiran SUM.

1. Duba Excel ɗinka tukuna. LAMBDA tana aiki a Microsoft 365 da Excel 2024. Ba ta cikin Excel 2016 da 2019. A can `#NAME?` za ka gani, komai daidan rubutunka.

2. Rubuta ma'aunin a takarda. Mu ɗauki wanda jami'o'in Najeriya da yawa ke bi: 70 zuwa sama A, 60 B, 50 C, 45 D, 40 E, ƙasa da 40 F. Makarantun firamare da sakandare kowacce da nata, don haka ka ɗauko daga katin sakamakon yaronka.

3. Gwada ta a gurbi ɗaya kafin ka ba ta suna. Rubuta wannan:

```
=LAMBDA(maki,IFS(maki>=70,"A",maki>=60,"B",maki>=50,"C",maki>=45,"D",maki>=40,"E",TRUE,"F"))(63)
```

Kalmar `maki` ta farko ita ce mazubin da lamba za ta shiga, sauran kuma aikin da za a yi da ita. `(63)` na ƙarshe gwaji ne kawai, ya kamata B ta fito. In ka manta da shi, `#CALC!` za ka gani, wato an gina dabarar amma ba a ba ta abin da za ta lissafa ba. Lura kuma da jerin: IFS tana tsayawa ne a sharaɗi na farko da ya cika. Da ka fara da `maki>=40`, mai 85 ma E zai samu, kuma Excel ba zai ce maka uffan ba. Ka gwada kan iyakoki, 39 da 40, 69 da 70, don a nan kuskure ke ɓuya.

4. Tare makin da ba lamba ba. Wannan ce shawarar da na fi so a riƙe. Idan yaro bai zauna jarrabawa ba aka bar gurbinsa fayau, dabarar da ke sama za ta ɗauke shi sifiri ta manna masa F. Idan kuwa aka rubuta “bai zo ba”, sai ta ba shi A, domin wajen gwada girma Excel yana fifita kowane rubutu a kan kowace lamba. Haka ma makin da aka kwafo daga waya ya shigo a matsayin rubutu: ido na ganin 35, daraja na fitowa A. Alamarsa sau da yawa ita ce lambar ta jingina hagu a gurbi maimakon dama. Ga gyaran, wanda ya haɗa da kama wanda yatsa ya zame masa ya buga 650 maimakon 65:

```
=LAMBDA(maki,IF(ISNUMBER(maki),IFS(maki>100,"duba",maki>=70,"A",maki>=60,"B",maki>=50,"C",maki>=45,"D",maki>=40,"E",TRUE,"F"),"babu maki"))
```

5. Raɗa mata suna. Shiga Formulas, sannan Name Manager, ka danna New. A Name rubuta `DARAJA`, ka bar Scope a kan Workbook domin duk shafuka su same ta, ka liƙa dabarar da aka gyara a Refers to ba tare da lambar gwaji ba. Daga nan `=DARAJA(C2)` ta wadatar a ko'ina cikin fayil ɗin. Sunan kada ya yi kama da adireshin gurbi; `A1` ba zai karɓu ba.

6. Yanke hukunci kan rabin maki. Mai 69.5 B zai samu, ko da gurbin yana nuna 70 saboda an ɓoye abin da ke bayan ɗigo. In makarantar tana cikasawa, rubuta `=DARAJA(ROUND(C2,0))`, amma ka sani ROUND tana mayar da gurbi fayau sifiri, F ɗin nan ta dawo. A ganina gara a cikasa tun a layin jimilla, a bar DARAJA da aikinta.

7. Sauyi a wuri ɗaya ake yi, amma yana shafar baya. Idan makaranta ta mayar da A ta fara daga 75, gyara lamba ɗaya a Name Manager, duk shafuka su bi, har da na zangon da ya wuce wanda an riga an raba sakamakonsa. Kafin ka taɓa ma'aunin, kwafi tsofaffin darajojin ka liƙa su da Paste Values.

8. DARAJA a cikin fayil take zaune, ba a kwamfuta ba. Sabon fayil bai san ta ba. Ajiye fayil guda mara maki, kowane zango ka yi masa Save As. In za ka tura wa ɗan'uwa mai tsohon Excel sakamakon, tura masa PDF.