Kafin Ki Sa Hannu a Takardar Alhaji

Ɗiyata, na karanta takardar shawarar da kika rubuta wa Alhaji a kan filinsa na Malali. Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Shari'o'in da kika kawo duk suna kan hanya. Sai dai na kai shafi na huɗu ban ga amsar tambayarsa ba. Shi bawan Allah abu huɗu ke cin ransa: zai ci, me zai iya rasawa, yaushe za a gama, nawa zai kashe. Ki ba shi amsar nan tun a shafin farko, cikin layi biyar ko shida. Hujjoji su biyo baya. Ɗan kasuwa ne, a shago zai karanta, ana ciniki a kansa.

Bari mu bi maganar tasa a hankali. Ya ce ya sayi filin a 2019. Yana da takardar ciniki, da shaidu, da sa hannun mai unguwa. Bai yi mata rajista ba, bai nemi amincewar gwamna ba. A 2022 ya ga wani ya kafa harsashin gini, kuma wancan yana riƙe da takardar mallaka da ta fito daga KADGIS. Ga alama mutum ɗaya ne ya sayar wa su biyun.

To, fara da rubuta wannan labarin kamar yadda ya faɗa miki. Ki ce, "Ga abin da ka shaida mini, ga takardun da na gani da idona, ga waɗanda ban gani ba." Wannan sakin layin shi ne garkuwarki. Mutane ba ƙarya suke yi wa lauya ba, yawanci. Mantuwa suke yi da abin da bai yi musu daɗi ba. Ran da wata takarda ta ɓullo a kotu wadda bai taɓa ambata ba, kowa zai ga cewa shawararki a kan abin da aka ba ki ta tsaya.

Sai batun nasara. Kin rubuta cewa "da yardar Allah za mu yi nasara." Addu'a ce mai kyau, ki yi masa ita da baki. A takarda kuwa, Alhaji alkawari zai ɗauke ta. Shari'a mace ce da ciki, in ji Hausawa. Amma kada wannan ya sa ki ɓuya a bayan "ana iya ci, ana iya faɗuwa." Wannan ko dillali zai faɗa masa kyauta. Kuɗin ra'ayinki ya biya, ki faɗi ra'ayinki.

A wannan shari'ar, kusan komai ya rataya ne a kan abu ɗaya: shin Alhaji ya shiga filin bayan ya biya? Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce sai da amincewar gwamna ake miƙa irin wannan fili, kuma tun shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa a ciki. Saboda haka takardar cinikinsa kaɗai ba ta ba shi cikakkiyar mallaka ba. Amma idan ya biya kuɗi, ya kuma kewaye filin ko ya ajiye mai gadi, yana da haƙƙin da kotu ke karewa, domin duk wanda ya zo saye daga baya ya kamata ya ga akwai mai wuri. Takardar gwamna ma ba ta wanke cinikin da tushensa ya lalace. Idan kuwa ya biya ya tafi abinsa, fili na nan fayau babu ko bulo ɗaya, kuma wancan ya saya bai san da shi ba, to ƙarar tana da rauni ƙwarai. Ki rubuta masa haka, biyu a jere: in akwai shaidar shiga fili, ƙarar tana da ƙarfi, in babu, ba na ba ka shawarar shigar da ita. Sannan ki lissafa abin da zai kawo: rasidin bulo, hoto mai kwanan wata, birkilan da ya yi katangar in yana raye.

Na san da nauyi yarinya kamarki ta gaya wa sa'an mahaifinta cewa maganarsa ba ta da ƙwari. Gaskiya ɗaci gare ta. Amma ƙa'idojin aikinmu ma sun wajabta mana mu faɗa wa mutum idan ƙararsa ba ta da mafita, kuma mu sanar da shi cewa akwai hanyar sulhu. Zai ɓata rai yau. Bayan shekara biyar kuwa, shi zai turo miki 'yan'uwansa.

Kada ki manta da shirun da ya yi. Tun 2022 yana kallo ana ɗora bulo. Lauyan wancan ɓangaren da wannan zai fara. Dokar jiharmu ta ba da shekara goma a nemi fili, don haka ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Amma neman kuɗinsa daga wanda ya sayar masa yana da wa'adi da ya fi wannan gajarta. Ki ƙirga, ki rubuta ranar ƙarewar a fili, ki ja mata layi.

Batun lokaci, kada ki ba shi rana. Ki ba shi matakai. Ƙarar a Babbar Kotun Jiha za a shigar, can titin Bida, domin fili ne na cikin gari. Za a kai sammaci, a yi musayar takardu, a saurari shaidu, kuma tsakanin kowane zama akwai ɗagewa. Akwai hutun kotu na shekara. Alƙali yana iya samun ƙarin girma ana tsakiyar sauraro, a koma farko. A 2021 ma'aikatan kotu sun yi yajin aiki na kusan wata biyu, ko'ina a rufe. Ki ce masa magana ce ta shekaru. Ki ƙara da cewa wanda ya faɗi yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara tana nan cikin Kaduna, bayanta ga Kotun Ƙoli a Abuja.

Kuɗi kuma, a nan zumunci ya fi lalacewa. Ki raba naki da na hanya. Ladan aikinki daban, daidai da dokar ladan lauyoyi ta 2023, tare da harajin da ke kansa. Kuɗin shigar da ƙara, kai sammaci, bincike a KADGIS, safiyo, da motar shaidu, su ma daban. Ki bayyana cewa wannan lissafin ya tsaya a hukuncin Babbar Kotu. Ɗaukaka ƙara sabon ciniki ne. Ki gaya masa ko ya ci, abin da kotu za ta sa a biya shi na ɗawainiya ba zai rufe abin da ya kashe ba. In ya faɗi, shi za a ce ya biya. Sai ki ajiye jimillar kusa da darajar filin, ki ajiye abin da sulhu zai iya kawo masa kusa da su, ya auna da kansa.

A ƙarshen takardar ki faɗi abin da kike so ya yi, da ranar da kike jiran amsarsa. Tunda da Turanci za ki rubuta, ki kira shi ofis ki karanta masa da Hausa, layi bayan layi, ya sa hannu a kwafi ɗaya ya bar miki. Ki gyara ta, ki kawo mini in sake dubawa kafin ranar Alhamis.