Fassara kwalin magani daga hoto: inda harshe ke rasa mai gyara masa kuskure

Ɗalibin da aka san ya karanci harsuna bai cika rabuwa da irin wannan saƙo ba: ɗan'uwa ya turo hoton kwalin magani ta salula, yana neman a gaya masa abin da aka rubuta. Magungunan da ke yawo a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa ba duka ne ke ɗauke da Faransanci ba. Akwai na Najeriya da Indiya masu rubutun Ingilishi, akwai kuma waɗanda alhazai da matafiya ke zuwa da su daga ƙasashen Larabawa. Yawancin abin da ke jikin kwalin yana fassaruwa ba da wahala ba. Layi ɗaya ne ya fita daban, wato wanda ke faɗin nawa za a sha da kuma sau nawa, kuma dalilin fitarsa daban batu ne na ilimin harshe.

Jimla ta yau da kullum tana ɗauke da bayani fiye da wanda ake buƙata. Idan hoto ya dusashe, harafi biyu suka ɓace daga kalmar da ke nufin zazzaɓi, sauran haruffan da kalmomin da ke kewaye da ita za su cike giɓin. Sunan maganin ma haka yake. Ban da sunan kasuwa da kamfani ya laƙaba, kwali yana ɗauke da sunan sinadarin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke daidaitawa, kuma siffarsa kusan ɗaya ce daga harshe zuwa harshe: Faransanci ya rubuta paracétamol, Larabci ya rubuta باراسيتامول, mai karatu kuma ya gane farasitamol ne ko da wani harafi ya goge. Lamba ba ta da wannan gata. Idan 2,5 ya koma 25, babu wata ƙa'idar nahawu da aka karya, jimlar tana nan daidai, kuma ba abin da zai sa kunne ya ji an yi tuntuɓe.

Waƙafin da ke cikin 2,5 shi ne alama mafi ƙanƙanta a kwalin, shi ne kuma na farkon da ke ɓacewa idan haske ya doki leda ko manhajar aika saƙo ta matse hoton. Ko ya fito sarai, sai an san al'adar rubutun da ta sa shi. Faransanci yana raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta da waƙafi, Ingilishi kuwa da ɗigo yake yin wannan aiki, ya bar wa waƙafi raba dubbai. Saboda haka 1,000 mg a kwalin Indiya miligiram dubu ne, amma idon da ya saba da karatun lakwal zai iya ɗaukarsa miligiram ɗaya.

Kwalin Larabci yana da nasa tarko. Ƙasashen Magrib suna amfani da lambobin da aka saba da su a Nijar, amma a Masar da Saudiyya ana yawan cin karo da ɗaya jerin. A cikinsa ٥ biyar ce ko da yake ta yi kama da sifili, sifilin kansa ɗigo ne kawai, ٦ shida ce mai kama da bakwai, kuma haƙori ɗaya ne ya raba ٢ da ٣. Abin da ya fi dacewa da hankalin ɗalibin ƙirar kalma shi ne cewa wani lokaci babu lambar gaba ɗaya. Larabci yana da siffar musanna, wadda ke nuna abu biyu ta hanyar ɗafa-ƙeya. Kalmar مرة tana nufin sau ɗaya, مرتين kuma sau biyu. قرص ƙwaya ɗaya ce, قرصان ƙwaya biyu. Wanda ke laluben lamba a hoto ba zai ga komai ba, domin adadin yana ɓoye a haruffa biyun ƙarshe, kuma su ne yatsan mai riƙe da kwalin ko lanƙwasar takarda ke iya rufewa.

Amma a ce an karanta kowace alama daidai. Har yanzu da saura, domin layin awo ba ya tsayuwa shi kaɗai: yana jingine ne da wani layi da sau da yawa yake wani gefen kwalin, wanda ke faɗin ƙarfin maganin. Misalin siron farasitamol na yara zai nuna haka. Awon da aka saba da shi shi ne miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro a sha ɗaya, da tazarar awa 6, kada a wuce miligiram 60 ga kowane kilo a yini. Yaro mai kilo 12 ke nan zai sha miligiram 180 a kowane karo, iyakarsa a yini kuma 720. Idan an rubuta 120 mg/5 ml a kwalbar, wanda shi ne abin da wasu kwalayen Faransanci ke rubutawa 2,4 %, to mililita 7,5 ne rabonsa. Idan 250 mg/5 ml ne, rabon ya sauko zuwa 3,6. Idan kuwa irin na ɗigawa ne mai 100 mg/ml, mililita 1,8 ya ishe shi.

Sai a duba abin da zai faru idan uwa ta saba ba ɗanta mililita 7,5 daga kwalba ta farko, aka sayo mata ta uku, mai fassara kuma ya ga suna ɗaya ne a hoto ya ce ta ci gaba yadda ta saba. Yaron zai sha miligiram 750 a karo guda, fiye da abin da aka yarje masa a yini sukutum. Abin da ya ƙara muni shi ne farasitamol hanta yake taɓawa a ɓoye. A yinin farko yaron na iya zama garau, ko ya yi ɗan amai kawai, alamun lalacewar hanta sai daga baya suke fitowa. Wanda ya gano an yi irin wannan kuskure asibiti zai nufa nan take da kwalbar a hannu, ba jiran alama zai yi ba.

Akwai kuma ɓarnar da ke aukuwa a ɓangaren Hausa. Faransanci ya bambanta cuillère à café mai mililita 5 da cuillère à soupe mai 15, kuma idan aka taƙaita su c. à c. da c. à s. harafi ɗaya ne tsakaninsu. Mai fassarar da ya ce "cokali ɗaya" ya share bambancin ninki uku da bakinsa, ga shi kuma cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Haka nan par prise da par jour: na farko na sha ɗaya ne, na biyu na yini duka. Korewa ma tana da rauni a hoto. Kalmar لا ta Larabci haruffa biyu ce a farkon jimla, can gefen dama, kuma idan hoto ya yanke ta, hani ya rasa alamar da ta fi fitowa fili.

Don haka hoto ɗaya ba ya isa. Mai fassara mai lura yakan nemi hoton kowane gefe na kwalin, da takardar da ke ciki a shimfiɗe, da ma'aunin da ya zo tare da kwalbar, domin wasu sirinjin siro da kilo aka zana su ba da mililita ba, kuma ba sa aiki da kwalbar wani kamfani. Yakan kwafe lambobin da ma'auninsu yadda suke kafin ya juya su, sannan ya rubuta adadin da kalmomi kusa da lambar: "mililita bakwai da rabi". Inda alama ta dusashe, sai ya nemi sabon hoto maimakon ya cike ta da zato kamar yadda zai cike kalma. Abin da kwalin ya faɗa kuwa awo ne na gama-gari. Wanda ya dace da wannan yaron, da nauyinsa da sauran magungunan da yake sha, likita ko mai farmasi ne zai tsayar da shi, bayan ya riƙe kwalbar ya karanta da idonsa.