Darasi A Kan Farashin Gero: Bukata, Wadata Da Yadda Ake Auna Su

Kowane magidanci ya san gero yana araha da kaka, yana kuwa tsada da tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Abin da wannan darasi zai nuna shi ne yadda za a gane dalilin tashin farashi da lissafi, ba da ji-ta-ji-ta ba. Alkaluman da ke ciki na misali ne, an tsara su don sauƙin lissafi, ba farashin wata kasuwa ba ne.

Jadawali da zane

Bukata ita ce yawan buhunan da masu saye suke so, suke kuma iya biya, a kan kowane farashi. Wadata kuwa ita ce yawan buhunan da manoma da 'yan kasuwa suka yarda su fitar a kan kowane farashi. Ga yadda abin yake a wata kasuwa cikin mako guda:

| Farashin buhu (naira) | Bukata | Wadata |
|---|---|---|
| 40,000 | 1,100 | 800 |
| 50,000 | 1,000 | 1,000 |
| 60,000 | 900 | 1,200 |
| 70,000 | 800 | 1,400 |

Sai ɗalibi ya ja layi tsaye a gefen hagu na takarda, ya jera farashi a kansa. Sa'an nan ya ja layi kwance daga gindinsa, ya jera yawan buhuna. In ya ɗiga alkaluman bukata ya haɗa su, zai ga layin yana gangarowa daga hagu zuwa dama, gama in kaya sun yi araha masu saye sukan ƙara awo. Layin wadata kuwa hawa yake yi, don farashi mai kyau shi ke buɗe rumbu.

Layukan biyu sun gamu a kan naira 50,000 da buhu 1,000. Nan ne kasuwa takan tsaya. In an ce 60,000, buhu 300 za su kwantai, tilas masu kaya su rage. In kuwa an ce 40,000, buhu 300 za su kasa, masu saye su yi ta ƙari har farashin ya koma wurinsa.

Miƙewar bukata

Sanin cewa tsada tana rage saye bai isa ba, sai an san ko nawa take ragewa. Ma'aunin wannan shi ne miƙewar bukata, watau an kwatanta bukata da roba, wata tana miƙewa da ɗan ja kaɗan, wata kuwa da ƙyar. Wani masani Bature, Alfred Marshall, shi ne ya yaɗa wannan ma'auni cikin littafinsa na shekarar 1890. Ga ƙa'idar:

Miƙewa = canjin yawan kaya cikin ɗari ÷ canjin farashi cikin ɗari

A ɗauka farashi ya tashi daga 50,000 zuwa 60,000. Ƙarin 10,000 ke nan a kan 50,000, watau 20 cikin ɗari. Bukata kuwa ta sauka daga 1,000 zuwa 900, ragin 100 a kan 1,000, watau 10 cikin ɗari. In an raba 10 da 20, amsa ita ce 0.5. Bisa ga ƙa'idar lissafi amsar tana da alamar ragi, don ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, amma an saba barin alamar.

In amsa ba ta kai 1 ba, akan ce bukata mai tauri ce. In ta wuce 1, mai laushi ce. Bukatar abincin yau da kullum mai tauri ce, gama ko gero ya yi tsada, tuwo da fura ba su fasuwa, sai dai a rage wani sha'ani. Amma inda dawa da masara suke da araha a gefe, mutane sukan koma musu, bukatar gero ta ƙara laushi.

Sa'ad da layi ya gusa

Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. In farashin gero kaɗai ya canja, layin bukata yana nan inda yake, masu saye ne suke hawa ko sauka a bisansa. Layi ba ya gusawa sai wani abu dabam ya auku, kamar fari, ko tsadar taki, ko zuwan baƙin masu saye.

A ɗauka an yi ƙarancin ruwa, irin wanda ya samu ƙasar Hausa a 1973 da 1984, har wadata ta ragu da buhu 300 a kan kowane farashi. Sabon jerin wadata ya zama 500, 700, 900, 1,100, layin ya gusa hagu ke nan. Yanzu ya gamu da bukata a kan naira 60,000 da buhu 900.

A lura da kuɗin da ya shiga hannun masu sayarwa. A da, buhu 1,000 sau 50,000 ya ba da naira miliyan 50. Yanzu buhu 900 sau 60,000 ya ba da miliyan 54. Kaya sun ragu, kuɗi ya ƙaru, kuma haka yakan zama duk inda miƙewa ba ta kai 1 ba. Sai dai wannan jimla ce ta kasuwa duka. Manomin da gonarsa ta ƙone ba shi da rabo a ciki, hasali ma ya koma cikin masu saye.

To, a koma jadawalin farko, a ɗauka damina ta yi daidai, amma fatake sun zo daga nesa, bukata ta ƙaru da buhu 300 a kan kowane farashi. Jerin bukata ya zama 1,400, 1,300, 1,200, 1,100, layinta ya gusa dama. Ya gamu da wadata a kan naira 60,000 da buhu 1,200.

Farashi ɗaya ne a duka biyun, amma dalili ya bambanta, kuma yawan kayan da aka sayar shi ke tona shi. In farashi ya hau, ciniki ya ragu, wadata ce ta gusa. In farashi da ciniki suka hau tare, bukata ce ta gusa. Wanda ya auna miƙewar bukata da alkaluman zuwan fatake zai sami amsar banza, domin wuraren biyu ba a kan layin bukata ɗaya suke ba.

Aikin gwaji

A koma jadawalin farko. An yi damina mai albarka, wadata ta ƙaru da buhu 300 a kan kowane farashi.

1. A rubuta sabon jerin wadata, a zana layinsa.
2. A nemo sabon farashi da yawan buhunan da za a sayar.
3. A auna miƙewar bukata daga tsohon farashi zuwa sabo.
4. A faɗi ko kuɗin masu sayarwa ya ƙaru ko ya ragu.

Amsa

Jerin shi ne 1,100, 1,300, 1,500, 1,700. Kasuwa ta tsaya a kan naira 40,000 da buhu 1,100. Farashi ya sauka da 20 cikin ɗari, saye ya ƙaru da 10 cikin ɗari, miƙewa 0.5 ke nan. Kuɗin kuwa ya sauko daga miliyan 50 zuwa miliyan 44. Wannan ne dalilin da ya sa manomin da ya kai hatsinsa duka kasuwa da kaka yakan koma gida da kuɗin da bai kai abin da ya zata ba.